A Rubuta Sunan Magani a Jikin Ƙullin Haɗi

Duk wanda ya tsaya da magariba a bakin wani kemis a Wunti, ko a kewayen kasuwar Muda Lawal sa'ad da 'yan dako da masu tura baro suke tashi daga aiki, lalle zai ji kalmar nan da ta zama ruwan dare a garin Bauchi, wato "a haɗa mini na gajiya." Mai shago ya ɓare ƙwaya huɗu ko biyar daga kwalaye dabam dabam, fara da ja da ruwan ɗorawa, ya ƙulle a 'yar farar leda ba suna ba lamba, mai saye kuwa ya kora da ruwan leda tun kafin ya sa loma a bakinsa. A ganin wannan jarida, ƙullin nan marar suna shi ne asalin ciwon ciki da ƙuraje da gyangyaɗi masu yawa waɗanda jama'a suke ɗauka sabuwar cuta ce ta same su, alhali kuwa illar abin da suka sha ne.

Bari mu ɗauki misalin magidanci mai shekara hamsin wanda ciwon baya ya dama. A cikin haɗinsa akwai Dikulofenak miligiram 50, da Burufen miligiram 400, da Faldin miligiram 20, yana sha safe da dare. Sunayen uku ne, amma a haƙiƙa dangi ɗaya ne da Asfirin, aikinsu kuwa, kamar yadda masani John Vane ya bayyana a shekarar 1971, shi ne hana jiki yin wani sinadari da yake kawo zafi da kumburi. Sai dai sinadarin nan shi ne kuma yake sa tumbi ya shafe bangonsa da majina mai kauri wadda take kare shi daga ruwan tsamin da yake narkar da abinci. Saboda haka, idan aka danne shi don baya ya lafa, an tuɓe wa ciki garkuwarsa ke nan. Haɗa ukun ba ya ƙara sauƙi gwargwadon yadda yake ninka ɓarna. Faldin ma, ƙa'idarsa ƙwaya ɗaya ce a yini, domin yakan yi kwana biyu kafin rabinsa ya bar jini, to, mai shansa sau biyu kullum tara shi yake yi bisa na jiya. In aka yi rashin sa'a mai shagon ya jefa Faradinisolon a ciki, haɗarin zubar jini ya ƙaru.

Mako biyu ba su cika ba sai mutumin namu ya fara jin ƙuna a ƙahon zuciyarsa, da ƙwannafi, da tashin zuciya. Ya koma shagon ya ce cikinsa ke ciwo, aka ba shi farin ruwan olsa, ya ci gaba da shan haɗinsa, domin ba wanda ya tambaye shi me yake sha, shi kuma bai san sunan ko ɗaya ba. A nan ne gafala takan zama musiba. Alamar da ta wajaba kowane gida ya sani ita ce bahaya baƙi ƙirin mai danƙo kamar kwalta, mai ɗoyi na daban, ko amai da jini, ko jiri idan an miƙe tsaye tare da ɗashewar tafin hannu da cikin ido. Wannan jini ne yake tsiyaya daga gyambon ciki, kuma ba a kwana da shi a gida. A dakatar da ƙwayoyin, a nufi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ko Asibitin Ƙwararru a wannan sa'a. Tsoho yakan yi wannan zubar jini ba tare da ya ji ciwon kirki ba. Muna kuma jan hankalin masu azumi, waɗanda sukan haɗiyi irin waɗannan da asuba bisa kofin shayi sa'an nan su wuni ba ruwa cikin zafin bazara, cewa ƙoda ma tana shan wuya. Mai gyambon ciki, da mai ciwon ƙoda, da mace mai tsohon ciki, Farasitamol ya fi musu maslaha, shi ma da iyakarsa: kada babba ya wuce ƙwaya takwas masu miligiram 500 a yini da kwana, domin abin da ya haura haka hanta yake ci.

Sha'anin ƙuraje kuwa ya fi ɓuya, domin sau da yawa ba sa fitowa ranar da aka fara magani. Wanda ya sha Amfikuloks ko Amoksil zai iya ganin jajayen ƙuraje ƙanana bayan kwana biyar ko mako guda, uwa ta ce ƙyanda ce ko zafi, a shafa hoda a ci gaba da ba yaro magani. Akwai kuma wani tabo da muke yawan gani a fuskokin mutane ba su san dalilinsa ba, baƙi, kewayayye kamar kwabo, a leɓe ko a hannu ko a al'aura, wanda yakan yi ƙaiƙayi ya sake tasowa a daidai wurinsa na dā duk ranar da aka koma shan Saftirin ko Fansida. Su biyun nan 'yan gidan salfa ne, wanda jikinsa ya ƙi ɗaya, kada ya kusanci ɗayan, kuma mai juna biyu da ake ba Fansida a wurin awo ba a haɗa mata da Saftirin. Idan kuwa ƙuraje suka zo da zazzaɓi, da jan ido, da gyambo a baki har mutum ya kasa haɗiya, fata tana tasowa tana salewa kamar wanda ruwan zafi ya ƙona, to, wannan ita ce larurar da likitoci biyu, Stevens da Johnson, suka siffanta a 1922, tana kuwa kisa. Haka nan borin jini da ya taso cikin mintoci bayan ƙwaya ko allura, da kumburin leɓe da shaƙewar numfashi. A waɗannan biyun, duk nasihar da aka saba yi ta cewa a shanye magani har ƙarshe ta faɗi. A tsaya nan take, a tafi asibiti da kwalin a hannu.

Game da gyangyaɗi ba ma bukatar dogon bayani. Tiramol dangin kodin ne, wanda gwamnatin tarayya ta hana shigo da ruwan tarinsa da sarrafa shi a 2018. Tiramol yana sa barci da jiri, idan ya yi yawa yakan jefa mutum cikin farfaɗiya ko ya danne numfashi, in kuma ya gamu da Firiton na mura nauyin ya ƙaru. Direban da zai kama hanyar Jos ko Gombe, da mai keke mai ɗaukar 'yan makaranta, rayukan mutane amana ne a wuyansu, kuma haƙƙinsu ne su san ko akwai shi a ƙullin da aka miƙa musu.

Ba mu jahilci cewa kemis shi ne asibitin talaka na kusa ba, kuma da yawa daga masu shagunan nan mutanen kirki ne masu tsoron Allah waɗanda suke ba da bashi ga wanda ba shi da ko sisi. Don haka ne ma muke fuskantar ƙungiyarsu ta Bauchi, da Ma'aikatar Lafiya ta jiha, da hukumar da take ba su lasisi, da bukatar da ba ta cin kuɗi: a daina sayar da ƙwaya tsirara, a rubuta sunan kowane magani da miligiram ɗinsa a takarda a sa cikin leda, ko da ajami ne, kada a haɗa biyu daga dangin Asfirin a ƙulli ɗaya, kuma kafin a miƙa Saftirin ko Amfikuloks, waɗanda asali sai da takardar likita ake bayarwa, a tambayi mai saye ko wani magani ya taɓa fito masa da ƙuraje. Wanda kuwa ya riga ya gamu da irin wannan, ya sa likita ya rubuta masa sunan maganin a jikin katin asibitinsa, ya kuma sanar da iyalinsa, domin ranar da za a kai shi ba ya iya magana su ne za a tambaya.