Ku Daina Sa wa Matafiyi Sabon Takalmi

Wace irin ƙauna ce take sa ku sayo wa mahaifinku sabon sau-ciki na fata, mai sheƙi da tauri, ya fara saka shi ranar da zai hau jirgi? Don fita kunya kuka yi, amma ƙafarsa ce za ta ɗanɗana kuɗarta.

Idan mutum ya daɗe zaune, naman sha-raɓarsa ba ya matsa jini ya koma sama, sai ruwa ya taru a idon sawu. Takalmin da ya yi daidai a Kano da safe zai matse kafin a sauka Jidda, ga kuma doguwar tafiya da tsayuwar layi. Sau-ciki ba ya sassautuwa. Mai igiya kuwa ana sassauta shi, kuma ga dattijon da sunkuyawa ke yi wa wuya, mai maɗaurin mannewa ya fi.

Za ku ce silifa ta fi rashin nauyi. Haka ne, amma ba ta riƙe dunduniya, yatsu ne ke ta faman damƙarta. Ku nemi marar nauyi wanda tafinsa ba ya ninkewa biyu a hannu. A gwada shi da yamma, da safa, a bar faɗin babban yatsa a gaba, a yi makonni ana yawo da shi. Mai ciwon suga yana iya yin bororo bai ji ba, don haka a riƙa duba masa ƙafa.

In ƙafa ɗaya ce ta kumbura, tana ciwo da ɗumi, kada ku ɗora wa takalmi laifi. Mai yiwuwa jini ne ya daskare a jijiya, a tafi asibiti ranar.