"Anti, kayan sun zo a fashe": abin da ya kamata mai sana'ar onlayin ta yi

1/
Masu sayar da kaya ta WhatsApp da Instagram, mu yi magana kan saƙon da ke tsinka mana zuciya: "Kayan sun zo a fashe." Ra'ayina shi ne, tun kafin kaya su bar hannunki ya kamata ki tara hujjarki. In ba ki yi haka ba, ba ki da bakin cewa kwastoma ƙarya take yi.

2/
Ni ɗaliba ce, humra nake haɗawa a gida a Hotoro, da ita nake rage wa iyayena nauyin kuɗin mota da na takardu. Ana saura kwana biyu jarabawa, wata Hajiya a Gyadi-Gyadi ta yi odar kwalba 6, kowace 3,500. Ta tura 21,000, da 1,500 na dilibari.

3/
Mai dilibari ya karɓa wajen ƙarfe 2. Bayan la'asar sai ga saƙo: "'Yata, biyu sun lalace. Ɗaya ta fashe, ɗaya ta tsiyaye rabi." Abin da ya fara zuwa raina: ai lafiya lau na ba da su. Har na rubuta haka, sai na goge. Ban san gaskiyar ba tukuna, musun me zan yi?

4/
Na ce: "Hajiya, ki yi haƙuri. Don Allah kar a zubar da kwalin. Ki ɗauko min hoto uku: kwalin ta waje, cikinsa yadda yake, sai kwalaben biyu kusa-kusa." A wannan matakin ba na ɗaukar laifi, ba na ɗora mata, kuma ba na alkawarin kuɗi. Gani kawai nake son yi.

5/
Me ya sa kwalin? Domin shi ne shaidar da ba ta da ɓangare. Humra mai ce. In ta fashe a hanya, gindin kwalin zai jiƙe ya yi duhu, takardun jikin sauran kwalaben su ɓaci, ɓarɓashin gilashi ya maƙale cikin abin da aka naɗe su da shi.

6/
In kuwa bayan an fito da ita ce ta suɓuce ta faɗi, kwalin zai kasance a bushe tas, sauran kwalaben fes. Tsiyaya kuma daban take: mai a wuyan kwalba da cikin murfi, gilashi bai tsage ba. Wannan yawanci ba laifin hanya ba ne, murfi ne bai ɗauru ba. Wato daga wajena ne.

7/
Wata dabara: hoton da aka turo kai tsaye a WhatsApp ana matse shi, ƙaramar tsaga ba ta fitowa sosai. Ki roƙi a turo shi ta Document, zai zo da ingancinsa na asali. In za a samu gajeren bidiyo ana jujjuya kwalbar a haske, ya fi hoto goma.

8/
Hotunan Hajiya suka zo: kwali ya jiƙe sharkaf ta gefe ɗaya. Na duba nawa hoton da na ɗauka kafin in rufe, sai na ga jarida kawai na cusa a sama, babu komai tsakanin kwalba da kwalba. Gilashi na gugar gilashi daga Hotoro har Court Road. Gaskiyarta ce.

9/
Na kira mai dilibari, ba don faɗa ba, don in ji ko ya faɗi ko ya ɗora kaya mai nauyi a kai. Ya ce a'a, kuma kwalin bai lotse ba. To ba zan cire masa ko sisi ba. Ko da ma shi ne ya yi ɓarnar, ni na zaɓo shi. Tsakanina da shi ne, Hajiya ba ta ciki.

10/
Nan nake saɓa wa masu cewa "in babu bidiyon buɗe kwali, babu magana." Bidiyon yana da kyau, ki roƙa tun lokacin oda. Amma sau nawa mai gadi ko yaron gida ne ke karɓar saƙo? Uwa mai goyo za ta kafa waya kafin ta yanke salatif? Rashin bidiyo ba shaidar ƙarya ba ne.

11/
Za ku ce akwai 'yan damfara. Akwai. Alamunsu: sai bayan kwanaki suke magana, "an zubar da kwalin", hoto ɗaya dishi-dishi, kuma ba sa yarda a zo a karɓi abin da ya lalace. Maganinsu sharaɗi ɗaya: mai kawo sabuwa zai dawo min da fasasshiyar. Mai gaskiya ba ta ƙin wannan.

12/
Saura tambayar: mayar da kuɗi ko canji? Ku yi lissafi, kar ku yi zato. Kowace kwalba tana ci min 2,300. Da ɗaya ce ta lalace: in mayar 3,500, ko in canza a kan 2,300 da sabon dilibari 1,500, wato 3,800. Kun ga mayar da kuɗin ya fi min sauƙi da 300.

13/
Amma biyu ne. Mayarwa 7,000. Canji 4,600 da 1,500, wato 6,100. Yanzu canji ne ya fi sauƙi da 900. Kuɗin dilibari shi ke juya lissafin. In kuma ta tashar Unguwa Uku kika aika kayan wani gari, sake aikawa don kwalba ɗaya asara ce a kan asara.

14/
Duk da haka ban zaɓa mata ba. Na ce: "Hajiya, kuskurena ne. In kawo wasu gobe da safe, dilibari a kaina, ko in turo 7,000 yanzu?" Dalili: ban san me za ta yi da su ba. In na biki ne a daren nan, canjin gobe ba shi da amfani a wajenta.

15/
Ta ce na kayan lefe ne, sai mako mai zuwa, a kawo. Kar ki matsa wa mutum da canji in irin kayan ya ƙare, ko lokacin buƙatarsa ya wuce, ko an canza sau ɗaya ya sake zuwa a lalace. Nan kuɗi kawai za ki mayar, kuma ki faɗi ranar da za su shiga.

16/
Masu rubuta "ba a mayar da kuɗi bayan an biya" a shafinsu, wannan ba katanga ba ce. Dokar tarayya ta kare haƙƙin masu sayayya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar dawo da kaya mai aibi cikin wata 3, a gyara, a canza ko a biya shi.

17/
Wannan bai shafi wadda ta fasa da hannunta ba, shi ya sa hujja take kare ku duka biyun. Ga abin da nake yi yanzu: bidiyon daƙiƙa 20 ina ɗaure murfi, salatif a wuyan kowace kwalba, kwali a tsakaninsu, in tura wa kwastoma kafin mai dilibari ya tashi.

18/
Sannan ina rubuta mata: "A buɗe a gaban mai kawowa in da hali. In an ga matsala a sanar da ni a ranar, a ajiye kwalin." Odar Hajiya ribarta 7,200 ce, canji ya cinye 6,100, na tsira da 1,100. Ta yi zafi. Amma salatif da guntun kwali da na ƙi sawa ne suka ci kuɗin, ba Hajiya ba.