Sharhi: Kada malami ya sa hannu a kan babin da bai tantance ba

Ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi da ke karatun noma, tsirrai da muhalli ba sa rasa wurin bincike a kusa da gida. Ga tafkin Madarunfa da kamun kifinsa, ga dajin Baban Rafi, ga fadamun Gulbin Maraɗi. Yawan binciken da ake yi a waɗannan wurare ya haifar da wata matsala: kusan kowane kundin digiri yana buɗewa da babin bayanin yankin bincike, kuma abin da za a faɗa a kan ƙasa, ruwan sama, itatuwa da jama'ar Madarunfa wani ya riga ya rubuta shi. Nan ne ɗalibi ya fi saurin kwafa, nan ne kuma ake gane malamin da ke karanta aikin ɗalibinsa da wanda sa hannu kawai yake yi.

Matsayin wannan jarida shi ne, idan daftarin babi ya nuna kamanni mai yawa da rubutun da aka riga aka buga, nauyin farko yana kan malamin da ke duba kundin. Shi zai zauna ya tantance, kuma kada ya bar babin ya wuce sai an gyara.

A ɗauki misali. Ɗalibin digiri na biyu yana bincike a kan masuntan tafkin Madarunfa. Ya kawo babi mai shafi 20, malamin ya saka shi a manhajar gano kamanni irin su Compilatio ko Turnitin, ta nuna kashi 45 cikin ɗari. Wannan adadi ba hukunci ba ne, domin manhajar jerin kalmomin da suka yi daidai kawai take ƙirgawa, ba ta san wanda ya ambaci mai magana da wanda ya ɓoye shi ba. Aikin malamin shi ne ya buɗe rahoton ya bi wuraren da aka yi wa launi ɗaya bayan ɗaya.

A misalin nan, a ce kashi 10 sun fito daga jerin littattafan da aka duba, da sunayen hukumomi, da sunayen kimiyya na kifi da itatuwa. Ba wanda zai sauya wa tarwaɗa sunanta na Latin don ya kauce wa manhaja, saboda haka wannan ba laifi ba ne. Wasu kashi 8 maganganu ne da ɗalibin ya sa a cikin alamar zance ya kuma faɗi masu su, wannan ma daidai ne. Saura kashi 27, kuma duk daga wuri biyu: wani tsohon kundi da wata maƙala da aka buga a mujalla. Sakin layi ne sukutum, an ɗan sauya kalma nan da can, ba a ambaci kowa ba. Wannan satar rubutu ce, ko da ɗalibin bai san sunanta ke nan ba.

Ko babu manhaja, malamin da ke karatu da idon basira zai gane. Faransancin ɗalibi yakan tashi kwatsam daga mai tuntuɓe ya koma irin na ƙwararru, sannan ya sake faɗowa a shafi na gaba. Akan ambaci marubuci a cikin babin amma babu shi a jerin littattafai, domin an kwaso shi ne tare da jimlar da ke ɗauke da shi. Alƙaluma ma suna tona asiri: ɗalibin da ya kawo yawan jama'ar Madarunfa na ƙidayar 2001 a matsayin na yanzu, alhali an yi wata ƙidayar a 2012, ya nuna shekarun rubutun da ya kwafa.

Ita ma manhajar tana da iyaka. Ba ta ganin kundin da ke ajiye a takarda a ɗakin karatu, ba a taɓa saka shi a na'ura ba. Sau da yawa kuma takan kasa kama abin da aka fassara, kuma yankin da ke makwabtaka da jihar Katsina ba ya rasa maƙalun Turanci na jami'o'in Najeriya da za a mayar Faransanci. Don haka ƙaramin adadi ba ya wanke babi.

Bayan tantancewa, mataki na gaba shi ne zama da ɗalibin, a ajiye babin da asalin rubutun gefe da gefe, a tambaye shi yadda aka yi. Da yawa sun taso ne a tsarin da ake yaba wa wanda ya haddace darasi ya maido shi yadda yake, ba a taɓa koya musu cewa ko ra'ayin wani suka faɗa da kalmominsu sai sun ambace shi ba. Daftari wurin koyo ne, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sai malamin ya umarce shi ya rufe littafin, ya rubuta abin da ya fahimta, ya ambaci tushe a kowane wuri, ya nemo sababbin alƙaluma, ya dawo da babin a ranar da aka tsayar. Ya dace malamin ya rubuta wannan umarni da kwanan wata, ya ajiye kwafin daftarin da rahoton, domin su ne shaidarsa da ta ɗalibin idan magana ta taso.

Abubuwa biyu ne bai kamata malami ya yi ba. Kada ya ce wa ɗalibi ya je ya rage kashin kawai, domin wannan koya masa ɓad da sawu ne: zai musanya kalmomi har adadi ya sauka, satar tana nan daram. Kada kuma ya gyara masa babin da hannunsa don lokacin kare kundi ya matso.

Akwai kuma inda gyara a ofis ba ya isa. Idan abin da aka kwafa sakamakon bincike ne, misali jadawalin nauyin kifin da wani ya auna a tafkin aka gabatar da shi a matsayin sabon awo, ko kuma ɗalibin ya maimaita bayan gargaɗi, to dole maganar ta je gaban shugaban sashe. Ƙaryar alƙaluma ba a kan takarda take tsayawa ba. Tafkin Madarunfa yana cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar, kuma irin waɗannan kundaye ne ma'aikata da ƙungiyoyi ke dubawa idan za su tsara aiki a kansa. Tsohon awo da aka yi wa sabon kwanan wata zai iya nuna kifi na nan yadda yake alhali ya ragu.

Duniya ta ga abin da sakaci ke jawowa. A 2011 Jami'ar Bayreuth ta Jamus ta ƙwace digirin dakta na ministan tsaro Karl-Theodor zu Guttenberg bayan an gano ya kwafi sassa masu yawa na kundinsa, ya kuma sauka daga muƙaminsa a watan Maris na shekarar. Kundin ya samu sakamako mafi girma a lokacin da aka duba shi, saboda haka tambayar da ta biyo baya ita ce yadda ya wuce ta hannun malamansa. Matashin Maraɗi da zai kai takardarsa Faransa, Kanada ko Najeriya neman digiri na gaba zai iya haɗuwa da irin wannan bincike shekaru bayan ya gama.

Gaskiya ne malamai da yawa suna riƙe da ɗalibai fiye da ƙarfinsu. Wannan hujja ce ta a nemi jami'a ta ƙayyade yawan kundayen da malami ɗaya zai duba, ta samar da manhajar ga kowane sashe, ta mayar da tsofaffin kundaye na'ura, ta kuma rubuta ƙa'ida guda da kowa zai bi. Kafin a samu wannan, sa hannun malami a takardar izinin kare kundi yana nufin ya karanta, ya kuma yarda aikin na ɗalibin ne. Wanda bai karanta ba, ya ɗage ranar har sai ya karanta.