Sharhi: Afuwar haraji, wa aka yafe wa, wa ya biya?

Sharhinmu na yau ya shafi afuwar haraji, wato gwamnati ta ce wa waɗanda suka ɓoye kuɗin shigarsu su fito su bayyana, su biya ainihin abin da ake binsu, ita kuma ta yafe tara da kuɗin ruwa, ta janye maganar kotu.

Najeriya ta gwada wannan a 2017, lokacin da Farfesa Yemi Osinbajo yake muƙaddashin shugaban ƙasa, Kemi Adeosun tana ministar kuɗi. Shirin, mai suna VAIDS, ya fara ranar 1 ga Yuli, aka tsara rufe shi a ƙarshen Maris na 2018, daga baya aka ƙara wata uku. Ya shafi harajin shekarun 2011 zuwa 2016, an kuma yi burin tara dala biliyan ɗaya.

Me ya sa gwamnati za ta lallashi wanda ya karya doka? Farashin mai ya faɗi, tattalin arziki ya durƙushe a 2016, harajin da ake tarawa a lokacin kuwa bai wuce kashi 6 cikin 100 na arzikin da ƙasar ke samarwa a shekara ba. Bin mutum ɗaya ta kotu kan ci shekaru da kuɗi. Amma babban abin da hukuma ke kwaɗayi shi ne suna. Duk wanda ya cike takarda ya bayyana gidajen hayarsa da asusunsa na banki, ya shiga rajista, baɗi ma an san ƙofar gidansa.

Yanzu mu duba ta ɓangaren mai gaskiya. A ɗauka 'yan kasuwa biyu ne a layi ɗaya, suna sayar da atamfa iri ɗaya, kowanne harajinsa na 2012 naira miliyan ɗaya ne. Na farko ya biya a kan lokaci, ya karɓi rasit. Na biyu ya yi shiru, ya zuba miliyan ɗin a jari, yana ta juya shi har shekara biyar. Da doka ta yi aikinta, da an ɗora masa tarar kashi 10, naira dubu ɗari ke nan, sannan kuɗin ruwa, wanda in an lissafa kashi 20 a shekara zai kai wani miliyan guda. A ƙarƙashin afuwa duk an share wannan, miliyan ɗaya kawai zai ajiye.

Ko wannan miliyan ma ba irin na maƙwabcinsa ba ne. A 2012 dala tana wajen naira 160, a tsakiyar 2017 kuwa tana wajen 360 a hannun 'yan canji. Na farko ya ba da abin da ya haura dala dubu shida, na biyu bai cika dubu uku ba. Ashe gwamnati ranta masa jari ta yi kyauta, jarin da ya ba shi damar karya farashi ya janye wa maƙwabcinsa masu saye. Malamin makaranta da ma'aikaciyar jinya kuwa ba su ma shiga lissafin ba, domin su tun daga tushe ake yanke nasu kafin albashi ya shigo.

Ba na cewa afuwa ba ta da amfani ga mai biya. In masu ɓuya suka shigo rajista suka zauna, nauyin ya rabu, an rage matsa wa 'yan tsirarun da aka saba tatsa. Sai dai hakan na faruwa ne in mai ɓuya ya gaskata cewa ƙofar za ta rufu, kuma bayan ta rufu za a zo masa da hujja: bayanan banki, rajistar filaye, takardun kwastan.

A nan aka samu tangarɗa. Abin da VAIDS ya tara bai yi kusa da burin da aka sa ba. Wata huɗu ba su cika da rufe shi ba, a Oktoban 2018, aka buɗe wani shirin, VOARS, don masu dukiya a ƙasashen waje. Hukumar haraji ta tarayya ta sake yafe tara da kuɗin ruwa a 2020 lokacin annobar korona, ta kuma maimaita a ƙarshen 2023. Kowanne da uzurinsa, amma ɗan kasuwa yana ƙirga su, kuma abin da ya fahimta shi ne jinkiri ba ya da tsada.

Don haka in aka sake shelar afuwa, kada a tsaya ga adadin biliyoyin da za a sanar. A tambayi hukuma mutum nawa cikin waɗanda suka fito suka sake biya a shekara ta biyu da ta uku ba tare da an roƙe su ba, manyan masu ɓuya nawa aka gurfanar bayan wa'adi ya cika, sannan ko cikin waɗanda suka saba biya a kan lokaci an fara samun masu jan ƙafa.