"Kamar yadda kuke gani a nan": zare kan silaid da ɗaliban da ba sa ganinsa

1/
Akwai jimlar da nake so mu rage faɗa a ajin lakca da wajen firezenteshan: "kamar yadda kuke gani a nan." Ba kowa ne yake gani ba. A jami'o'inmu akwai ɗalibai makafi, akwai masu ƙarancin gani da ko a layin gaba suka zauna allon majigi dishi-dishi yake musu. Ra'ayina shi ne wanda ya haɗa silaid shi ke da alhakin mayar da shi magana. Ku biyo ni.

2/
Aikin kashi biyu ne, kuma mutane na yawan cakuɗa su. Na farko shi ne Alt Text, wato ɗan rubutun da ake ɓoyewa a bayan hoto a cikin fayil. Ido ba ya ganinsa a kan silaid. Manhajar da ke karanta wa makaho allo ce take furta shi, irin su NVDA da JAWS a kwamfuta, TalkBack a Android, VoiceOver a iPhone.

3/
Na biyu shi ne abin da kake faɗa da bakinka lokacin da kake tsaye gaban jama'a. Majigi ba ya karanta Alt Text. Ko ka rubuta shi da kyau a kowane hoto, ɗalibar da ke zaune a hol ɗin ba za ta ji komai ba sai abin da ya fito daga bakinka. Alt Text na wanda ya karɓi fayil ne, bayanin baka na wanda ke cikin ɗakin. Ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya.

4/
Mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce gurup ɗinku zai gabatar da aiki kan ƙidayar jama'a ta 2006, kun sa jadawalin sanduna na jihohi biyar da suka fi yawan mutane. Kano miliyan 9.4, Legas 9.1, Kaduna 6.1, Katsina 5.8, Oyo 5.6. Mai ido yana kallon sandunan na daƙiƙa uku ya gane labarin. To wanda ba ya gani fa?

5/
Ga abin da aka saba rubutawa, idan ma an rubuta: "Hoton jadawali." Wannan daidai yake da a ce wa mai jin yunwa akwai tuwo a gidan maƙwabta. Ka sanar da shi cewa akwai abu, ba ka ba shi ba. Wani lokaci ma ba a sa komai, sai manhajar ta furta sunan da hoton ya zo da shi, kamar Picture 4, ta wuce gaba.

6/
Wasu kuma sukan wuce gona da iri: "Jadawali mai sanduna biyar, ta farko shuɗiya, ta biyu ja, bayansa fari ne, akwai layuka a kwance..." An cika kunne da kala da siffa, amma har yanzu ba a faɗi wace jiha ce ta fi yawa ba. Mai sauraro zai fita da sanin launin sanduna, ya shiga jarrabawa ba tare da lamba ko ɗaya ba.

7/
Ga wanda nake ganin ya yi: "Jadawalin sanduna na jihohi biyar mafiya yawan jama'a a ƙidayar 2006. Kano (miliyan 9.4) da Legas (9.1) ne a gaba da tazara mai yawa, sai Kaduna 6.1, Katsina 5.8, Oyo 5.6." Jimla biyu ke nan. Ta farko ta faɗi irin jadawalin da abin da yake aunawa, ta biyu ta faɗi sakamako tare da lambobin.

8/
Dabarar ita ce ka tambayi kanka: me ya sa na sa wannan hoton? Amsar ita ce Alt Text ɗinka. Shi ya sa jadawali ɗaya kan iya samun bayani biyu. Idan maganarku kan gasar Kano da Legas ce, ka fito da cewa bambancinsu bai kai dubu 300 ba. Idan kan tazarar da ke bayansu ce, ka ce tsakanin Legas da Kaduna akwai kusan miliyan 3.

9/
Idan jadawalin na jihohi 36 ne, kada ka cusa lambobi 36 a Alt Text. A wurin, mai sauraro ba ya samun layuka da ginshiƙan da zai bi ya koma ya duba, zuba masa kawai ake yi. Ka rubuta taƙaitaccen sakamako, sannan ka sa cikakkun lambobin a tebur na gaske a silaid na gaba. Na gaske nake nufi, wanda aka yi da Insert > Table. Sikirinshot na tebur hoto ne kawai.

10/
Yadda ake sa shi ba wuya. A PowerPoint ka danna dama a kan hoton, ka zaɓi View Alt Text, a wasu nau'ukan Edit Alt Text za ka gani. A Google Slides ka danna dama ka zaɓi Alt text. Idan abin ado ne zalla, kamar layin kwalliya a gefe, PowerPoint na da Mark as decorative. Ka zaɓe shi, manhaja ta tsallake, a huta.

11/
Yanzu a hol. Wannan jadawalin ya fito a allo, sai mai gabatarwa ya ɗaga hannu ya ce, "Kun ga wannan ta fi wannan, waɗannan kuma suna can ƙasa." Wace ce wannan? Ina ne can? Kalmomin "nan", "can", "wannan", "wancan" duk da yatsa suke aiki. Cire yatsan, jimlar ta zama fanko.

12/
Gwada haka: "Yanzu muna kan jadawalin jihohi biyar mafiya yawan jama'a a 2006. Kano ce ta ɗaya da miliyan 9.4, Legas na biye da ita da 9.1. Daga nan sai a faɗo sosai zuwa Kaduna da 6.1, sai Katsina da Oyo da ba su kai miliyan 6 ba." Ka karanta shi da agogo, ba zai wuce daƙiƙa 20 ba.

13/
Kuma ka riƙa sanar da canjin silaid, ka faɗi takensa. Mai gani yana ganin an sauya shafi ya san an shiga sabon batu. Wanda ba ya gani, in ka yi shiru, zai ɗauka har yanzu kan na baya kake. Haka idan ka sa tambaya a allo ka ce "ku amsa wannan", ka karanta ta da baki daga farko har ƙarshe, har da zaɓin A zuwa D.

14/
Sai matsalar da ta fi kowacce yawa a wajenmu: fayil ɗin da ake jefawa a gurup ɗin WhatsApp na aji. Wani ya ɗauki hoton allo da waya, ko an sikana handaut an mayar da shi PDF. Ga mai ido rubutu ne. Ga manhajar karantawa shafi ne da babu harafi ko ɗaya. Gwajin mai sauƙi ne: ka yi ƙoƙarin zaɓar kalma ɗaya ka kwafa. In ta ƙi, hoto ne.

15/
Saboda haka ainihin fayil ɗin PowerPoint ya fi a tura. In dole sai PDF, a yi shi ta Save As, a shiga Options a tabbatar an zaɓi Document structure tags for accessibility. Kuma a tura shi tun jajibere. Ba wanda zai iya sauraron lakcara da kunne ɗaya, manhaja da ɗaya kunnen, ya fahimci duka biyun.

16/
Akwai wani tarkon ɓoye: jerin karatu. Manhaja ba ta bin silaid yadda ido ke binsa, tana bin jerin da aka ɗora abubuwan. In ka fara sa kammalawa, daga baya ka dawo ka ƙara jadawali a sama, mai sauraro zai ji kammalawa kafin hujja. Ka shiga Review > Check Accessibility, zai nuna maka hotunan da ba su da bayani da silaid marasa take, kuma Reading Order Pane na ba ka damar gyara jerin.

17/
Amma kada ka dogara da shi kaɗai. Yana iya gane cewa akwatin Alt Text babu komai a ciki, ba zai iya gane cewa "Hoton jadawali" shirme ba ne. Gwajin da na fi yarda da shi: ka sa abokinka ya juya wa allo baya, ka yi masa firezenteshan ɗin, sannan ka tambaye shi wace jiha ce ta uku da nawa ne yawanta. In ya kasa, akwai gyara.

18/
Masu ƙarancin gani kuma da yawansu da idonsu suke karatu, sai dai su ƙara girman rubutu. Su abin da ke taimakonsu rubutu ne manya, maki 18 zuwa sama, mai duhu a kan haske ko mai haske a kan duhu. Kuma kada kala kaɗai ta ɗauki ma'ana. In ja na nufin Arewa kore na nufin Kudu, rubuta sunan a jikin kowace sanda.

19/
Na san abin da za a ce: "Ai babu makaho a ajinmu." Ta yaya ka sani? Mai ƙarancin gani ba ya yawo da sanda, kuma ba kowa ke son tashi a gaban mutum 300 ya bayyana larurarsa ba. Fayil kuma ba ya tsayawa a ajinku. Shekara uku nan gaba yana nan yana yawo a wayoyin ƙannenmu.

20/
Za a kuma ce, "Ai abokansa na karanta masa." Allah ya saka musu da alheri, suna ƙoƙari. Amma aboki yana raɗa masa jadawali a daidai lokacin da lakcara ya wuce batu na gaba, sai su biyun su yi asara. Kuma abokin hasashe yake yi kan abin da hoton ke nufi. Wanda ya sa hoton shi ya san dalilinsa, shi ya fi cancanta ya faɗa.

21/
Maganar lokaci gaskiya ce, yana cin lokaci. Amma mu ƙirga. Silaid 15, shida a ciki masu hoto mai ma'ana, minti biyu kowanne, minti 12 ke nan. Mukan ɓata fiye da haka wajen zaɓen kalar bango. In kuma ka kasa rubuta jimla ɗaya kan dalilin sa wani hoto, wataƙila hoton ne bai kamata ya kasance a wurin ba.

22/
Najeriya na da dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019. Amma doka ba za ta zo ta danna maka View Alt Text ba. Shi ya sa nake ganin malamai su sa wannan cikin makin firezenteshan, kamar yadda ake ba da maki kan shiga da kiyaye lokaci. Mun san kanmu, abin da ke da maki shi muke yi.

23/
Kafin a kai ga haka, kilas-ref zai iya rubutawa a gurup cewa a daina turo hoton allo, a turo fayil. Mai firezenteshan a satin nan kuma ya buɗe silaid ɗinsa, ya nemo hoton da ya fi muhimmanci, ya rubuta masa jimla biyu. 'Yan'uwa masu amfani da NVDA ko TalkBack, ku kuka fi mu sanin inda ake cije ku. Ku faɗa mana wane irin silaid ne ya fi ba ku wahala.