Bakin ma'aikacin otal magani ne

Ra'ayinmu shi ne, wajibi ne kowane ma'aikacin otal ya haddace kalmomin neman agaji tun kafin lalura ta auku, domin idan baƙo ya yanke jiki ya faɗi, firgita takan ɗaure harshe alhali numfashi ba ya jira. Sai ma'aikacin ya fara da tambayar majinyaci: «Ranka ya daɗe, kana ji na? Ina ke ciwo? Akwai maganin da kake sha?» Sa'an nan ya kira 112, lambar gaggawa ta Najeriya, ya ambaci sunan otal da unguwa da lambar ɗaki, ya ce, misali: «Namiji ne dattijo, ƙirjinsa ke ciwo, yana numfashi amma ba ya amsawa», kada kuma ya katse waya sai an sallame shi. Lalle masu otal su rubuta waɗannan kalmomi kusa da kowace waya, su riƙa bitarsu da ma'aikata.