Waƙar Yara: Darasi Ɗaya Ya Isa

Waɗansu waƙoƙin da malaman makarantar Lahadi suke shiryawa sun yi wa yaranmu nauyi. Biyayya, zakka, ƙauna, duka a waƙa ɗaya! Yaro ya rera, ya tashi bai riƙe kome ba.

Shawararmu ita ce a ɗauki darasi guda. Ga misali daga Afisawa 4:25, a kan barin ƙarya. Amshin yara shi ne "Zan faɗi gaskiya." Gaɓa 6 ne kawai, kuma ba ya canzawa. Malami ne yake sāke nasa layi, shi ma gaɓa 6: "Ko na fasa tulu," sai yara su amsa, "Har cikin kasuwa," su kuma amsawa. Mun fi son layin tulun, gama a irin wannan wuri ne yaro yakan yi ƙarya. In layin malami ya yi tsawo, tafi yakan rikice.

Dattawa, kafin waƙa ta shiga sujada, a rera wa ƙananan yara sau uku. In ba su kama amshin ba, a rage shi.